Farar Takarda a Daren Jarrabawar Adabi: Yadda Ake Gina Labarinta

A ce an miƙa wa marubuci wannan 'yar magana, aka ce ya mayar da ita gajeren labari: ɗaliba ce zaune da dare, gobe da safe za ta rubuta jarrabawar adabi, ga biro a hannunta, ga takarda fara fat a gabanta, ta kasa rubuta ko da layi ɗaya. Duk wanda ya taɓa zaman aji ya san irin wannan dare, shi ya sa batun yake saurin kama zuciya. Amma rubuta shi yana da wuya ƙwarai, domin babu ko ɗaya daga abubuwan da muka saba jingina labari da su. Babu tafiya, babu faɗa, babu ɓarawo, babu wanda ya ɓace ake nema. Yarinya ce da takarda, kuma abin da za a ba da labarinsa shi ne rubutun da ya ƙi fitowa.

Kunnen mai karatun Hausa ya saba da labari mai motsi. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 kusan duk na matafiya ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida yana yawon duniya, Ganɗoki daga fagen yaƙi ya zarce wasu ƙasashe, Shaihu Umar kuma sai da ya ƙetare Sahara. Tatsuniya ma haka take, kowane numfashi da abin da ya faru. Don haka mai karatu yana zuwa da tambayarsa a baki: to, sai me ya faru? Marubucin labarin farar takarda dole ya amsa wannan tambaya sau da yawa, alhali tauraruwarsa ba ta tashi daga kan tabarma ba.

A ganina hanyar ɗaya ce. Sai marubucin ya san takamaiman abin da ya riƙe hannun yarinyar. Idan ya sani, yana da labari. Idan bai sani ba, zai cika shafi uku da bugun zuciya da gumi da tsaki, mai karatu ya ajiye tun a shafin farko.

Me ya riƙe hannun?

Amsar da ke fara zuwa ita ce tsoro. Gaskiya ne akwai tsoro, amma tsoro ba ya isa, domin kowane ɗalibi yana jin sa, har wanda zai cika takarda huɗu. Amsa ta biyu ita ce ba ta yi karatu ba. Wannan ma ba ta ba da labari mai kyau, saboda babu abin warwarewa a cikinta: wadda ba ta taɓa buɗe littafin ba, dare ɗaya ba zai cece ta ba, kuma mai karatu ya san haka. Abin da ya fi cancantar labari shi ne ɗalibar da ta yi karatu da gaske, ta kwana uku tana maimaita darasi, ta rantse ta iya, sannan ta rufe littafi ta ga babu komai a kanta.

Wannan yana faruwa, kuma an san dalilinsa. Gane abu idan an gan shi daban, fito da shi daga ka daban. Ɗalibar da ta karanta shafi sau goma, idan idonta ya faɗa kansa sai ta ji duk ta san shi, kamar yadda ake gane fuskar mutum a kasuwa. Amma zauren jarrabawa ba ya nuna mata shafin, cewa yake yi ta kawo shi da kanta. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a wani bincike da suka wallafa a 2006. Sun ba ɗalibai ɗan gajeren rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi a zama huɗu. Wasu kuma a zama ɗaya kawai suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe rubutun, aka ba su farar takarda su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai abin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kimanin kashi 40 cikin 100, masu rubutawa da ka sun tuna kimanin kashi 61. Wani abin lura kuma, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna.

Malaman tsangaya sun daɗe da sanin wannan a aikace. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya ce ya iya, sai ya biya shi da ka malam yana saurare. Babbar shaidar hadda kuma a wannan al'ada ita ce mutum ya zauna ya rubuta Alƙur'ani ba tare da dubawa ba.

To, wannan shi ne dalili na farko, wanda yake a fili. Ya isa ya sa labarin ya zama gaskiya, amma bai isa ya sa shi ya taɓa zuciya ba. Ana bukatar dalili na biyu, wanda yake na wannan yarinyar ita kaɗai, kuma a nan ne kasancewar jarrabawar ta adabi ce yake da amfani. Da lissafi ne, takarda za ta nemi lamba. Adabi kuwa yana neman ɗalibi ya faɗi abin da ya fahimta game da rabuwa, da hassada, da zalunci, da haƙuri. Akwai ɗaliban da waɗannan abubuwa suke kwana da su a ɗaki ɗaya. Marubuci mai lura zai zaɓi littafin jarrabawar da zai taɓa gyambon tauraruwarsa.

Bari mu gina ɗaya tare

Mu ƙirƙiri yarinya, mu sa mata suna Saratu. Tana ajin ƙarshe na sakandare a makarantar je-ka-ka-dawo, shekarunta goma sha bakwai. Auren iyayenta ya mutu tana da shekara shida, uwar ta koma garinsu ta yi wani aure, Saratu ta zauna a gidan mahaifinta, a ɗakin kakarta ta wajen uba, wadda kowa yake kira Iya. Ba a zaluntarta, ba a hana ta abinci. Wannan yana da muhimmanci, domin da zarar an shigo da muguwar matar uba, labarin ya zama wani labari daban, farar takardar ta zama ado kawai. Abin da ke damun Saratu ya fi haka laushi: a gidan ba a ambaton uwarta, ita ma ta koyi rashin ambatonta.

Littafin da za a tambaye su a kansa, mu ce Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga wanda bai karanta ba, labarin wani babban malami ne da yake zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa. Mahassada sun yi wa Makau, mijin uwarsa, ƙazafi a wurin sarki aka kore shi daga gari. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗansa ya sa shi karatu. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara da ita Sahara. Sun haɗu daga ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu.

Yanzu an ga inda abubuwan biyu suka haɗu. Malamin Hausa ya ce wa ajin kowa ya rufe littafi a daren nan, ya rubuta shafi ɗaya a kan jigon labarin, don ya gwada kansa. Saratu ta haddace abin da ta kwafa daga allo: ma'anar jigo, ma'anar salo, sunayen taurari, da jimlar da ke cewa littafin yana nuna illar bauta. Ta rubuta wannan jimlar a zuci, ta ga bayan ta babu ta biyu. Babin da uwa take yawon neman ɗanta kuwa, duk lokacin da ta iso shi sai ta yi saurin juya shafi. Ba ta taɓa gaya wa kanta cewa tsallake shi take yi ba. Mai karatu ne zai gano, kafin ita ta gano.

Sai kuma awo. Gajeren labari ba shi da fili, kuma yana da kyau marubuci ya ɗaure kansa da adadi tun kafin ya fara. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta saba neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan awo ne mai kyau ga labari irin namu. Kalmomi 1,500 ba sa ɗaukar fiye da dare ɗaya, wuri ɗaya, da mutum biyu masu magana. Daren ma a yanke shi: daga bayan sallar isha zuwa kiran assalatu. Zan raba shi haka. Kimanin kalmomi 250 na farko su zaunar da Saratu gaban takarda, su nuna mana aikin da aka ba ta. Wasu 350 su tafi a kan dabarun gudu, wato abubuwan da take yi don kada ta rubuta. Sai babban ɓangare, kalmomi 600 ko fiye, na hirarta da Iya. Abin da ya rage na rubutun ne da ƙarewa. Wanda ya ba gabatarwa kalmomi 600 zai iso wurin hirar ba shi da sauran numfashi, alhali nan ne labarin yake.

Ga yadda za a iya buɗewa:

"Sau uku Saratu tana rubuta kwanan wata a saman takardar, sau biyu tana soke shi. Na ukun ta bar shi, ta ja masa layi da gefen littafi, ta sake jan wani a ƙarƙashinsa. Fitilar cajin ta fara ja. Ta rage mata haske, ta matso da takardar."

A duba abin da waɗannan jimloli huɗu suka yi. Ba a ce tana cikin damuwa ba, amma mai jan layi biyu a ƙarƙashin kwanan wata ba shi da abin rubutawa. Fitilar kuma ta zama agogo. An ɗauke wuta, caji yana ƙarewa, don haka akwai iyakar lokaci, kuma iyakar lokaci ita ce ke sa mai karatu ya ci gaba. Labarin da babu gudu a cikinsa yana bukatar wani abu da yake ƙarewa a hankali.

Lokacin shekara ma kayan aiki ne. Jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta takan faɗo wajen watan Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo bayanta. Wato ƙarshen bazara da farkon damina. Ɗaki ya ɗauki zafi, mutane suna kwana a tsakar gida, hadari yana haɗuwa yana watsewa, idan an yi ruwa shinge ya rufe fitila. Marubucin da ya sa ɗalibarsa ta lulluɓa da bargo saboda hunturu a daren wannan jarrabawa ya zubar da amincewar duk wanda ya taɓa rubuta ta. Abu ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ya isa. Ba bayanin yanayi ake so ba, abin da zai taɓa takardar ake so: gumin hannu da ya jiƙa gefenta, ko ƙwaron da ya faɗo tsakiyarta ta tsaya tana kallonsa yana tafiya.

Ɓangaren dabarun gudu shi ne inda ake nuna dalili na farko ba tare da lacca ba. Saratu ta buɗe littafin kwafarta, ta karanta, ta gyaɗa kai, duk ta sani. Ta kife shi. Babu komai. Ta sake buɗewa, ga shi nan duk ta sani. Sau biyu ya isa a nuna wannan, na uku zai gundura. Daga nan ta ɗauko littafin Shaihu Umar kansa, kuma a nan za a dasa abin da zai yi aiki daga baya: gefen shafukan farko ya yi baƙi da dattin hannu, na wajen ƙarshe kuwa akwai wasu 'yan shafuka da suke fari kamar ba a taɓa buɗe su ba. A faɗi wannan a jimla ɗaya a wuce. Kada a yi bayani.

Inda labarin yake juyawa

Mutum shi kaɗai a ɗaki ba ya daɗewa yana riƙe mai karatu. Dole wani ya shigo, kuma zaɓen wanda zai shigo shi ne babbar shawarar da marubucin zai yanke. Idan malami ne ko yaya mai digiri, zai ba ta amsa, labarin ya mutu, domin an warware mata matsalar daga waje. Iya ta fi dacewa saboda ba ta yi boko ba. Ba za ta iya gaya mata jigo ba. Abin da za ta iya shi ne tambaya da saurare. Ga kuma wasan jika da kaka, wanda yake ba su damar faɗin magana mai nauyi da bakin raha.

"Ke kishiya, wannan fitila taki ta hana ni barci. Tun ɗazu nake jin ki, ba karatu ba rubutu, sai juyi."

"Iya, kaina ne ya kulle."

"To me ke cikin littafin da ya kulle miki kai? Ba ni in ji, tunda kin tashe ni."

"Ba tatsuniya ba ce fa, Iya."

"Ko mene ne, ai mutane ne a ciki. Wa ya haifi wa?"

Daga nan Saratu ta fara ba da labarin da baki, littafin yana kife a cinyarta. Abin da takarda ta kasa ciro mata, tambayar tsohuwa ta ciro shi, domin Iya ba ta neman ma'anar jigo, cewa take yi, sai aka yi yaya? Wannan shi ne ainihin fito da abu daga ka, irin wanda masu binciken nan suka auna, amma babu bukatar labarin ya ambaci haka. Akwai kuma wani daɗi ga wanda ya san littafin: Shaihu Umar ma da baki ya ba almajiransa tarihinsa. Saratu tana yin abin da tauraron littafinta ya yi ba tare da ta lura ba.

Kada a kwashe labarin Shaihu Umar duka a zuba a nan. Jimla biyar ko shida sun isa, Iya tana katse ta da nata sharhin, tana tsine wa mahassadan Makau kamar maƙwabtanta ne. Ana cikin haka Saratu ta iso wurin da aka sace yaron, ta yi tsalle ta faɗa zamansa a hannun Abdulkarim. Sai Iya ta tsayar da ita:

"Dakata. Ita uwar fa? Aka sace mata ɗa ta zauna?"

Saratu ta yi shiru.

"Ba ta zauna ba," ta ce. "Ta bi shi."

"Har ina?"

"Ban karanta wurin sosai ba."

Wannan ita ce tsakiyar labarin, kuma a nan ne marubuta da yawa za su ɓata shi. Za su sa Saratu ta fashe da kuka ta ce, ni me ya sa Ummata ba ta biyo ni ba? Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba za ta faɗi haka ga kakarta ta wajen uba ba, kuma Iya ba za ta zauna ta yi mata bayanin mutuwar auren ɗanta ba. Alkunya ba ta bari. Amma alkunya ba cikas ba ce ga marubucin Hausa, babbar dama ce, domin tana tilasta wa magana ta bi ta gefe, kuma maganar da ta bi ta gefe ta fi shiga. Iya za ta iya cewa, tana gyara kwanciya, fuskarta na kallon bango:

"Uwa ba ta zama. Ko kin ga ta zauna, ba zaune take ba. Buɗe wurin ki karanta mini."

Ba ta ambaci kowa ba, amma su biyun sun san wa ake nufi, mai karatu ma ya sani. Sai Saratu ta buɗe fararen shafukan nan ta karanta da ƙarfi a sauran hasken fitila. Ba sai an kawo abin da ta karanta ba. A nuna muryarta kawai, inda ta sarƙe da inda ta daidaita.

Harshen da ya dace

Hausa tana da hanyarta ta sa lokaci ya yi gudu ko ya tsaya, kuma wannan labari yana bukatar duka biyun. Idan aka jera ta ɗauka, ta buɗe, ta rufe, ta ajiye, labari yana sauri. Idan aka koma tana kallon takardar, fitila tana ja, Iya tana numfashi, sai lokaci ya tsaya cik. Rabin farko na labarin ya fi son tana da yana, domin Saratu a maƙale take. Bayan hirar, a koma gajerun jimloli masu ta yi, ta yi, don mai karatu ya ji hannun ya saku. Yawan sai a farkon kowace jimla kuwa gadon tatsuniya ne, yana da kyau a baki, amma a takarda yana sa komai ya zama nauyi ɗaya. A ajiye shi don inda abu ya juya da gaske.

Wa zai ba da labarin? Idan Saratu ce da bakinta, za ta san abin da take ɓoye wa kanta, kuma dabarar fararen shafuka ta lalace, domin ba za ta iya nuna mana su ba tare da ta yi bayani ba. Ya fi kyau mai ba da labari ya tsaya a bayan kafaɗarta, yana ganin abin da take gani, amma ba ya shiga zuciyarta sai kaɗan. Karin magana kuma a bar wa Iya, guda ɗaya, idan ma ana bukata. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da take tunani da karin magana a kowane sakin layi ba ita ke magana ba, marubucin ne yake nuna gwaninta.

Akwai ramuka uku da na fi jin tsoro ga wannan labari. Na farko shi ne komawa baya mai tsawo. Marubuci zai ji dole ya ba mu tarihin auren iyayen Saratu, ranar da aka yi saki, da kukan da aka sha a tasha. Da zarar ya tafi can, mun bar ɗakin, fitila ta daina ƙarewa, kuma abin da Iya za ta faɗa daga baya ya rasa nauyi tunda an riga an faɗe shi. Jimla biyu sun isa, a saka su inda ba a zata ba, misali a ce ɗankwalin da Saratu take share gumi da shi yana cikin kayan da aka aiko mata da su da sallar bara. Na biyu shi ne mafarki: ta yi barci, Shaihu Umar ya zo mata da rawani ya koya mata amsa. Wannan yana ƙwace nasarar daga hannun yarinyar. Na uku shi ne sakamako, wato a tsallaka wata uku a nuna ta fi kowa ci, gida ya cika da guɗa. Tambayar da labarin ya yi tun farko ita ce ko za ta rubuta. Bai yi tambayar ko za ta ci ba. Amsa tambayar da ba a yi ba tana sa mai karatu ya ji an yi masa wayo.

To ina za a tsaya? A kan jimlar farko da ta rubuta, kuma sai marubucin ya yi mata aiki fiye da kowace jimla a labarin. Ba za ta zama wadda ta kwafa daga allo ba, amma kuma dole ta zama amsar da mai duba jarrabawa zai karɓa, domin Saratu ɗaliba ce, ba wasiƙa take rubutawa ba. Wani abu kamar haka: "Littafin Shaihu Umar yana nuna illar bauta, kuma babbar illar da ya nuna ita ce raba uwa da ɗanta." Rabin farko na malam ne, rabin na biyu nata ne. Ga shi kuma jimla ce mai haihuwa, domin duk wanda ya rubuta ta ya san abin da zai biyo baya: sace yaron, fitar uwar, bautar da ita, haɗuwarsu. Wannan shi ne abin da malaman adabi suke kira warwarar jigo, wato a faɗi saƙon sannan a bi labarin ana kawo hujja daga abin da ya faru. Saratu ta samu hujjoji huɗu daga jimla ɗaya, kuma mai karatu zai yarda cewa shafin zai cika ko da ba a nuna masa ba.

Bayan an gama rubutun farko, akwai gwaji biyu da suke nuna ko labarin ya tsayu. Na ɗaya, a ɗauki biro a ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ambaci sunan wani yanayi na zuciya kai tsaye, irin su damuwa, fargaba, baƙin ciki, takaici. Idan sun wuce biyu ko uku a kalmomi 1,500, a koma kowane wuri a tambayi me hannunta yake yi a lokacin, a rubuta wannan a madadinsa. Na biyu, a karanta wa wani da baki, wanda bai san Shaihu Umar ba kuma ba a gaya masa komai game da Saratu ba. Karatun zai ɗauki minti goma zuwa sha biyu. Idan an gama a tambaye shi me ya hana yarinyar rubutu. Idan ya ce tsoron jarrabawa, dasa fararen shafukan bai kama ba, sai a ƙara masa haske kaɗan. Idan ya ce uwarta tun kafin Iya ta farka, an yi saurin tonawa, sai a cire jimlar ɗankwalin ko a matsar da ita gaba zuwa bayan hirar.